Ra'ayinmu: Abin Da Ya Kamata A Rubuta Wa Abokin Da Ya Rasa Mahaifi

A ƙasar Hausa mamaci ba ya kwana idan da hali. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Wanda ya rasu da hantsi, da wuya ya wuce la'asar. Addini ne ya kwaɗaitar da wannan gaggawa, kuma ba mu da ja a kanta. Sai dai a zamanin da abokan mutum suka watsu, wani yana Legas, wani yana Yamai, wani yana karatu a Alƙahira, yawancinsu labari zai riske su ne bayan an dawo daga maƙabarta. Abin da ke hannunsu a wannan sa'a waya ce kawai. Da haka rubutaccen saƙo ya zama ta'aziyyar farko da ɗan mamaci yake samu daga mutanen da suka fi kusa da zuciyarsa, wani lokaci ma ita ce ta ƙarshe.

Iyayenmu ba su sha wannan wahala ba. Mutum yakan taka da ƙafarsa, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya ce, "Ashe an yi rashi. Ya muka ji da haƙuri?" A amsa masa, "Da godiya." Ya yi addu'a, a shafa, ya ɗan zauna shiru, sannan ya miƙe ya ba wani wuri. Duk maganar da ya yi ba ta kai jimla biyar ba, amma babu mai cewa ya yi rowa. Dalili kuwa shi ne ba kalmomin kaɗai suka yi aikin ba. Rufe shagon da ya yi, kuɗin motar da ya kashe, ƙurar da ke ƙafarsa, yadda ya sunkuyar da kai, duk sun faɗi abin da bakinsa ya bari. Idan aka ɗauki waɗannan jimloli biyar aka zuba su a waya, sauran duk sun zube a hanya. Abin da ya isa ga ɗan mamaci kalmomi ne da mutum ɗari suka riga suka aiko masa da irinsu, harafi da harafi.

A kan yadda za a cike wannan giɓi mutane sun kasu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Ɓangare na farko suna cewa a tsaya kan abin da aka gada. A yi sallama, a ambaci Innalillahi, a roƙa wa mamaci gafara da rahama, a roƙa wa masu rai haƙuri, a tsaya nan. A ganinsu duk abin da ya wuce haka neman suna ne. Bahaushe yana da alkunya, ba ya baje abin da ke ransa a kasuwa, kuma wanda aka yi wa mutuwa ba ya cikin halin karanta dogon bayani. Suna ƙara da cewa addu'a ce kaɗai ke amfanar wanda ya tafi, yabo ba ya ƙara masa komai a kabari. Akwai gaskiya a nan wadda matasa masu saurin rubutu suke mantawa. Jimlolin ta'aziyya da muka gada sun daɗe ana goge su, har suka zama ba sa yi wa kowa rauni. Mutumin da ya ruɗe bai san abin da zai faɗa ba, idan ya kama su ba zai yi ɓaranɓarama ba. Shi ma mai amsawa an sauƙaƙa masa, domin amsarsa a shirye take: amin, na gode.

Ɓangare na biyu suna cewa wannan ya isa ga maƙwabci da abokin ciniki, amma bai isa ga aboki ba. Mutumin da kuka yi shekara ashirin tare, ka ci tuwo a gidansu, mahaifiyarsa ta san abincin da ba ka so, idan ta rasu kuma sai ka tura masa saƙon da ka tura wa wanda kuka haɗu sau ɗaya a wurin ɗaurin aure? Suna nuni da abin da kowa ya gani da idonsa: hoton addu'a da ake kwafowa daga wannan zaure na WhatsApp a jefa a wancan, har da alamar da ke nuna turo shi aka yi, da mutanen da ke taƙaita addu'ar gafara zuwa haruffa uku ko huɗu kamar ana sayar musu da harafi. Suna cewa wannan ba alkunya ba ce, lalaci ne ya ari rigar alkunya. Su ma ba su yi ƙarya ba.

Inda ɓangare na biyu yake zamewa shi ne maganin da yake kawowa. Da yawa sun ɗauka tunda gajeren saƙo ya yi sanyi, to dogon saƙo ne zai yi ɗumi. Sai ka ga an rubuto shafi guda: yadda mai rubutu ya kasa barci, yadda hawaye suka hana shi cin abinci, yadda mutuwar ta tuna masa da ta nasa mahaifin. Duk wannan yana iya zama gaskiya. Amma wanda ya karanta da kyau zai ga saƙon ya bar mamaci da ɗansa, ya koma kan mai aikowa. Ɗan mamaci, wanda bai runtsa ba, yana ƙoƙarin rarrashin mahaifiyarsa da ƙannensa, yanzu an ƙara masa wani mutum da zai rarrasa.

Wanda yake neman ma'auni a wannan magana zai same shi a wani hadisi da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Usama ɗan Zaidu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Manzon Allah (SAW) mata ta aika masa cewa ɗanta yana gargara, ya zo. Bai fara da zuwa ba, saƙo ya aika. Ya gaishe ta, ya tunatar da ita cewa abin da Allah ya karɓa da abin da ya bayar duk nasa ne, kowane abu yana da ajali a wurinsa, ta yi haƙuri ta nemi lada. Saƙon ke nan gaba ɗaya, kuma Imamu Nawawi a littafinsa Al-Azkar ya ɗauke shi a matsayin mafi kyawun abin da ake ta'aziyya da shi. Masu son taƙaitawa sukan tsaya a nan. Amma hadisin bai ƙare ba. Ta sake aikowa tana haɗa shi da Allah ya zo, sai ya tashi ya tafi tare da wasu sahabbai. Da aka miƙa masa yaron yana numfashi da kyar, idanunsa suka zubar da hawaye, har Sa'adu ɗan Ubada ya yi mamaki ya tambaye shi, ya amsa masa cewa wannan jinƙai ne da Allah yake sanyawa a zukatan bayinsa. Rashin ɗa ne ake magana a kai, ba rashin mahaifi ba, amma tsarin ya fito sarai: magana kaɗan, sannan zuwa da ƙafa, kuma ba a ji kunyar hawaye ba. Haka nan lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, umarnin da aka bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Ba a ce a je a yi musu dogon jawabi ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce kana aiki a Fatakwal, abokinka tun na makarantar kwana yana Zariya, da safiyar Talata aka kira ka aka ce mahaifinsa ya rasu bayan jinyar wata uku, za a yi jana'iza ƙarfe biyu. Ba za ka iya isa ba. Abu na farko da hannunka zai so yi shi ne kiran waya. Ka kira sau ɗaya idan kusancinku ya kai haka; in bai ɗauka ba, kada ka sake. A wannan sa'a wayarsa tana aikin neman likkafani, sanar da dangi, da jin ko an gama haƙa kabari. Kira biyar a jere daga gare ka ba ƙauna yake nunawa ba, layi yake tare masa. Sai ka rubuta kamar haka:

"Salamu alaikum ɗan'uwa. Yanzu labarin rasuwar Baba ya iso ni. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba ka haƙuri, kai da su Hajiya da ƙannenka. Ba sai ka amsa ba. Ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda."

Saƙon gajere ne, kuma kusan duk abin da ke cikinsa gadajje ne. Amma abu uku sun raba shi da wanda aka kwafo. An ce Baba, ba a ce mahaifinka ba, domin haka kake kiransa yana raye, kuma wanda ya ce Baba ya sa kansa cikin waɗanda aka yi wa rashi ba tare da ya yi shelar haka ba. In Malam kuke ce masa ko Alhaji, in Inna ce ko Umma ko Goggo, sunan da gidan ya saba da shi za a yi amfani da shi. Sannan an sauke wa mai makoki nauyin amsawa, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne ga mutumin da saƙonni suka cika wa waya. Na uku, an faɗi rana. "Zan shigo" magana ce da kowa yake faɗa. "Ranar Juma'a" alkawari ne. Wanda ya san ba zai iya zuwa ba kada ya rubuta. Gara ya ce, "Ba zan samu zuwa a kwanakin nan ba, amma na sa ƙanena ya zo a madadina, zan kira ka idan jama'a sun ragu."

Ba a sa yabon mamaci ko tuna baya a wannan saƙo ba, kuma da gangan ne. Ranar farko ba ranar wannan ba ce. Wanda ya dawo daga binne mahaifinsa ba ya riƙe abin da ya karanta. Wurin tuna baya shi ne saƙo na biyu, bayan kwana huɗu ko mako guda, lokacin da aka naɗe tabarmi, aka mayar da kujerun haya, baƙi suka koma garuruwansu. A lokacin ne gidan yake yin shiru, kuma a lokacin ne rashin yake fara zama da gaske. Saƙo irin wannan ya dace:

"Ya ƙarin haƙuri? Tun ranar nan nake tuna ranakun ziyara a makaranta. Baba bai taɓa zuwa da ƙulli ɗaya ba, kullum biyu ne, ya ce ɗaya na abokinka ne. Ban manta ba. Yana cikin addu'ata. Ka gaishe da Hajiya."

A ganinmu nan ne ɗumin saƙo yake, a cikin abu guda ƙarami na gaskiya wanda kai kaɗai ko ku biyu kuka sani. "Mutumin kirki ne, mai son jama'a, mai haƙuri" ana faɗinsa a kan kowane mamaci, har ya daina shiga kunne. Ƙulli biyu kuwa na mutum ɗaya ne a duniya. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Ɗa ya san mahaifinsa ne ta fuska ɗaya, fuskar cikin gida, wadda sau da yawa ta faɗa ce da tsare gida. Alherin da uban ya yi a waje, kuɗin makarantar da ya biya wa wani, rigimar da ya kashe a kasuwa, ba lallai ɗan ya taɓa ji ba, domin dattawanmu ba sa ba da labarin kansu. Abokin da ya kawo irin wannan labari ya ba shi wani abu na mahaifinsa da bai mallaka ba a da. Sharaɗin kawai shi ne ya kasance gaskiya, ya kuma kasance guda ɗaya. In aka jero biyar an koma wa'azi. In aka ƙirƙira, ɗan zai gane, don ya fi ka sanin ubansa.

Wani zai ce ai muna da al'adar dogon rubutu a kan mamaci, ya kawo misalin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta kuma yi wa wasu makusantanta. Haka ne. Amma marsiyya aikin wanda rashin ya fi shafa ne, yana fitar da abin da ke cinsa, kuma ba a ranar jana'iza ake miƙa ta ga mai makoki ya karanta ya amsa ba. Idan abokinka ne ya ga dama ya rubuta shafi goma a kan mahaifinsa, haƙƙinsa ne, naka shi ne ka karanta. Ba kai za ka riga shi ba.

Yanzu ga inda ake yawan yin tuntuɓe, kuma kusan kullum da kyakkyawar niyya ake yi.

Mafi yawa shi ne tambaya. "Me ya same shi? Ya yi jinya ne? Wane asibiti aka kai shi?" A zaune a tabarma, dattijo yana iya tambayar ko an yi jinya, a amsa masa da kalma biyu a wuce. A rubuce kuwa tambaya bashi ce, sai an biya. Mutumin da aka tambaya sau talatin a yini guda, sau talatin ya sake komawa ɗakin asibiti a ransa. Mafi muni shi ne wanda yake biyo tambaya da shawara: da kun kai shi wuri kaza, da an gwada maganin wane. Ɗan da ya yi wata uku yana jinyar uba ya riga ya tuhumi kansa da duk waɗannan da tsakar dare, ba ya bukatar mai taya shi. In yana son ba da labarin jinyar zai bayar da kansa, kuma a ranar aikinka saurare ne.

Sai rarrashin da ke rage girman rashi. "Ai Baba ya manyanta, ya ga jikoki, sai godiya." Wannan magana ce da ɗan mamaci yake da ikon faɗa, kuma sau da yawa yakan faɗa. In ta fito daga bakinsa, godiya ce ga Allah. In ta fito daga naka, tana kama da cewa baƙin cikinsa ya yi yawa. Mai shekara hamsin da ya binne uwa mai shekara tamanin ya rasa wadda ta fi kowa daɗewa da saninsa, wadda take masa addu'a ko bai roƙa ba. Shekarunta ba su rage masa komai ba. Kusa da wannan akwai "kai ne uba yanzu" da ake yi wa babban ɗa tun kafin ƙasar kabari ta bushe. Ya sani. Baffanninsa za su gaya masa, kuma su ya kamata su faɗa. Aboki shi ne mutum ɗaya da ya kamata ya bar shi ya zama ɗan da ya rasa uba, ko da na mako guda ne.

Akwai kuma masu mayar da ta'aziyya makaranta. Ana yawan rubuto wa mai makoki, musamman mata, cewa kada ta yi kuka domin kuka yana azabtar da mamaci. Akwai ruwaya a kan haka, amma tun zamanin sahabbai Nana A'isha ba ta yarda da fahimtarta a sake ba, kuma malamai sun ɗora ta a kan kururuwa da yage tufafi da makamantansu, ba hawaye ba. Manzon Allah (SAW) ya yi hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Wanda ya tura wa ƙawarsa wannan gargaɗi ya ɗora mata tsoro a kan baƙin ciki, da ilimin da bai cika ba. Haka batun sadakar uku da bakwai da arba'in. An san saɓani ne tsakanin gidaje: wasu suna yi, wasu, musamman mabiya Izala tun kafuwarta a Jos a 1978, suna ganin bai da asali. Kowa yana da malamansa. Abin da muke cewa kawai shi ne saƙon ta'aziyya ba filin wannan muhawara ba ne. Kada ka tambayi gidan da ba sa yi yaushe ne sadakar bakwai, kada kuma ka yi wa gidan da suke yi huɗuba. Ka tambayi wani na gefe yadda gidan yake, ka bi abin da zuciyarka ta natsu da shi ba tare da surutu ba.

Ta ɗaya gefen, zafin ƙauna yakan sa wasu su yanke hukunci: wallahi Baba ɗan Aljanna ne. Tarbiyyar da muka samu ita ce a roƙa, ba a yanke ba. "Allah ya sa Aljanna ce makomarsa" ta fi tsari, kuma ba ta rage komai daga ƙauna.

Laifin da ya fi duka waɗannan ciwo shi ne riga iyali sanarwa. Mutum ya ji labari, kafin minti goma ya ɗora hoton mamaci a Facebook da dogon yabo, alhali akwai 'yar marigayin da take aure a wani gari, mai tsohon ciki, dangi suna shawarar wanda zai je ya gaya mata a hankali. Sai ta gani a waya. Babu uzurin da zai gyara wannan. Sanarwa ta iyali ce. Aboki ya jira har su fitar, kuma ko sun fitar, abin da ya rubuta a bainar jama'a ba ya maye gurbin saƙon da zai aika wa abokinsa shi kaɗai. Hoton marigayi a gadon asibiti kuwa, ko na makara, bai kamata ya fita daga wayar kowa ba.

Batun gudummawa gajere ne. Zaman makoki yana cin kuɗi, ga abincin baƙi, ga ragowar kuɗin asibiti, wani lokaci ga bashin da aka yi shela a wurin jana'iza cewa mai bi ya zo ya faɗa. "In akwai abin da kake bukata ka gaya mini" ba ta aiki a wurin Bahaushe, domin ba zai faɗa ba. In kana da hali ka aika abin da ya sawwaƙa, ko ka sa a kai buhun shinkafa ko ruwan sha, ka rubuta layi ɗaya: "Ga wannan a saya wa baƙi ruwa." Kada a haɗa shi da saƙon addu'a, kada kuma a sa shi a zauren abokai inda za a ga wanda ya bayar da wanda bai bayar ba, sai dai in karo-karo ne aka yi da sunan kowa.

Ba kowane rashi ne yake shiga wannan tsari sumul ba. Akwai abokin da tsakaninsa da mahaifinsa ba daɗi, uban da ya saki uwar ya bar ta da yara, ko wanda suka yi shekaru ba sa magana. Kai ka sani, shi ma ya san ka sani. Yabo a nan ƙarya ne, kuma yana iya zama gishiri a kan gyambo. Tono abin da ya wuce kuma ya saɓa wa umarnin da aka yi mana na kame baki daga aibata matattu. Nan ne gadajjen lafazi yake nuna amfaninsa: roƙon gafara ya dace da kowane mamaci, roƙon haƙuri ya dace da kowane mai rai. Ka ƙara da "ina tare da kai", ka bar sauran sai kun haɗu. Akwai kuma abokin da addininku ba ɗaya ba, abin da ba baƙo ba ne a Jos ko Kaduna ko Wusasa. Babu bukatar ɗayanku ya ari lafazin da bai yi imani da shi ba. Ambaton alherin da mamacin ya yi maka, roƙa wa iyali haƙuri da ƙarfin zuciya, da zuwa gidan a gaishe su, duk suna nan a buɗe.

Wanda labari bai riske shi da wuri ba kada kunya ta hana shi. Gaskiya ne malamai da yawa sun so a yi ta'aziyya cikin kwana uku don kada a riƙa tayar da baƙin ciki, amma su kansu sun keɓe wanda ba ya nan, wasu kuma ba su sa iyaka ba. "Sai yau na ji" ta fi shiru sau dubu. Mutane suna manta abin da aka rubuto musu a ranakun makoki, amma da wuya su manta wanda bai ce komai ba.

Hukuncinmu shi ne masu cewa a taƙaita sun fi kusa da daidai, amma sun bar rabin aikin. Saƙon farko ya zama gajere, da lafazin da aka gada, a rubuta shi da hannu ba a kwafo ba, a kira mamaci da sunan da gida ya sani, kada a sa tambaya ko nasiha ko labarin kai. Abin da ya rage na ƙauna a ajiye shi zuwa saƙo na biyu bayan taro ya watse, a faɗi abu guda na gaskiya game da wanda ya tafi. Kuma dukansu biyu ba sa sauke zuwa da ƙafa ga wanda yake da hali, ko bayan wata guda ne. Zumunta a ƙafa take, waya ba ta canza wannan ba. In mahaifi ne ya rasu ya bar uwa, a tuna tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, kuma mafi yawan masu gaisuwa ba za su sake leƙowa ba bayan makon farko. Abokin ɗanta ya shiga ya gaishe ta kafin ta fita.